Tambayoyi da Amsoshi: Juya Awo da Kuɗin da Ke Kan Hoton Farashi ko na Girki

Wani ya turo maka hoton takardar farashi daga ƙasar da yake, ko ka ɗauki hoton shafin girki daga wani littafi, sai ka tarar da lambobi da alamomin da ba da su ka saba awo ba. Lissafin kansa ba ya wuce ninkawa ɗaya ko biyu, kuma kowace waya za ta yi maka shi. Inda ake zamewa shi ne kafin a fara lissafin, wato wajen gane ƙasar da rubutun ya fito, da gane ko nauyi ake nufi ko cikar mazubi. A kan waɗannan biyun yawancin amsoshin nan suka tsaya.

Me ya kamata in fara dubawa a hoton?

Ƙasar da aka rubuta shi. Alama ɗaya tana iya nufin abubuwa uku ko huɗu, gwargwadon inda aka buga ta, saboda haka lambar da ba a san ƙasarta ba, ba ta juyuwa. Duba harshen rubutun, da adireshin da ke ƙasan takardar, da yadda aka rubuta sauran awon. Idan girki ya ba da zafi da °F kuma ya auna komai da kofi, yawanci na Amurka ne ko na Kanada. Idan wani ne zai ɗauko maka hoton, ka roƙe shi ya ɗauki takardar gaba ɗayanta, kada ya matso da kyamara kan babbar lambar kawai. Ƙananan rubutun gefe su ne ke faɗin ko farashin na kilo ne, ko na ƙunshi ne, ko na guda ɗaya.

Na ga alamar $. Ba dalar Amurka ke nan ba?

Ba dole ba ne. Kanada da Ostireliya da Niyu Zilan da Singafo da Hon Kon duk dala suke kiran kuɗinsu, kuma darajarsu ba ɗaya ba ce. Meziko ma da wannan alamar take rubuta fesonta, wanda bai kama ƙafar dalar Amurka ba. A cikin ƙasa ba wanda ke wahalar da kansa ya bambance, mai kanti $ kawai zai rubuta domin kowa a wurin ya san abin da yake nufi.

Haka alamar ¥ take, tana tsayawa wa yen na Japan da kuma yuwan na Sin, alhali yuwan ɗaya ya fi yen goma. Abin da ke taimakawa shi ne, a takardun kantuna Japanawa sun fi rubuta 円, mutanen Sin kuma 元. Ita kuwa kr ƙasashe huɗu ke amfani da ita: Suwidin, Norwe, Denmak da Aisilan.

Da zarar ka gane ƙasar, ka nemi canjin da haruffa ukun da aka ware wa kowane kuɗi a duniya, irin su USD, CAD, AUD, JPY da CNY. Su ba sa rikicewa da juna.

An rubuta 1.299,00. Ɗaya da ɗoriya ne, ko dubu ɗaya da wani abu?

Dubu ɗaya da ɗari biyu da casa'in da tara ne. A Jamus da Italiya da Birazil da Turkiyya, ɗigo ne ke raba dubbai, waƙafi kuma ke raba cikakken kuɗi da canjinsa. A Amurka da Birtaniya akasin haka ne, 1,299.00 za su rubuta. Faransawa sarari suke bari a wurin dubbai. Idan ɗigo da waƙafi duk sun bayyana a lamba ɗaya babu wuya: wanda ya zo na ƙarshe shi ne mai raba canji.

Matsalar tana zuwa ne idan ɗaya kaɗai ya bayyana kuma lambobi uku suka biyo shi, kamar 1.500. A kantin Jamus wannan dubu ɗaya da ɗari biyar ne. A Kuwait kuwa dinari ɗaya da rabi ne, domin dinarinsu kashi dubu ake raba shi, ba ɗari ba, shi ya sa farashinsu ke ɗauke da lambobi uku bayan ɗigo. Haka abin yake a Bahrain da Oman da Jodan da Tunisiya. Wanda ya karanta irin wannan ba daidai ba, kuskurensa ninki dubu ne cif. Abin da ya rage sauƙi shi ne irin wannan kuskuren ba ya ɓuya, amsar za ta fito abin dariya, matuƙar dai mutum ya tsaya ya dube ta.

Ga takarda: $3.49/lb, NET WT 2.35 lb, TOTAL $8.20. Yaya zan san farashin kilo a kuɗinmu?

Mu ɗauka mun tabbatar daga Amurka take. Lambobi uku ne, kowace da aikinta. Ta farko farashin laba ɗaya ce, domin lb laba ke nan. Ta biyu nauyin abin da ke cikin ƙunshin ban da ledar. Ta uku abin da za a biya. Kafin komai gwada su da juna: 3.49 sau 2.35 ya ba da 8.20, to ka karanta lambobin daidai. Wannan ɗan gwajin yana da amfani sosai idan hoton ya yi dishi-dishi, domin da ka ɗauki 3 a matsayin 8 lissafin ba zai haɗu ba.

Laba ɗaya giram 453.6 ce, wato kilo ɗaya ya ɗauki laba 2.2 da ɗan ɗoriya. Nan ne mutane da yawa ke juya lissafi baibai, domin nauyi da farashi ba hanya ɗaya suke bi ba. Idan nauyi kake juyawa daga laba zuwa kilo, rabawa za ka yi: 2.35 a raba da 2.2046 ya ba da kilo 1.07. Idan farashin laba kake mayarwa farashin kilo, ninkawa za ka yi, tunda kilo ya fi laba yawa, dole ya fi ta tsada: 3.49 sau 2.2046 ya ba da dala 7.69. Duk lokacin da farashin kilo ya fito ƙasa da na laba, to ka raba inda ya kamata ka ninka.

Sai kuɗin. A ce, don misali kawai, dala ɗaya tana daidai da 50 a kuɗin ƙasarku. Kilo ya kama wajen 385, ƙunshin gaba ɗaya kuma 410. Ka gama da nauyin tukuna sannan ka taɓa kuɗin, kuma kada ka yanke ɗoriyar lambobi sai a mataki na ƙarshe.

A Turai abin ya fi sauƙi tunda da kilo suke awo, sai dai a kula da takardun da ke ba da farashin giram 100. Idan ka ga 0,79 € / 100 g, kilo yuro 7.90 ne. A kasuwannin Sin kuma ana yawan sayar da kaya da 斤, wanda a can giram 500 ne, amma a Taiwan 600.

Na duba canji a intanet, amma da aka cire kuɗin a katina ya fi haka. Me ya faru?

Lambar da ake nunawa idan ka nemi canji ita ce ta tsakiya, tsakanin farashin saye da na sayarwa a babbar kasuwar kuɗi. Ba a ita ake sayar wa ɗaiɗaikun mutane ba. Banki ko mai canji yana ɗora ribarsa, wasu bankunan kuma suna ƙara wani caji daban na sayayya da kuɗin waje. A misalinmu na sama, idan ƙarin ya kai kashi 3 cikin ɗari, 410 ta zama wajen 422. A ƙasashen da canjin hukuma ya bambanta da na kasuwa, tazarar tana iya wuce haka nesa, don haka ka yi lissafi da canjin da kai za ka iya samu a zahiri.

Akwai kuma lokacin da na'urar biya ko shafin sayayya zai tambaye ka ko ya caje ka da kuɗin ƙasarku. Ya yi kama da sauƙaƙawa, amma a nan ɓangaren mai sayarwa ne ke yanke canjin, kuma galibi ya fi na bankinka tsada. A ganina gara a biya da kuɗin da ke kan takardar.

Ranar hoton ma abin dubawa ce. Canjin yau ba zai gaya maka tsadar kayan da aka ɗauki hotonsa shekara uku da suka wuce ba. Wani lokaci ma kuɗin kansa ya canza: Turkiyya ta cire sifili shida daga lirarta a 2005, Kuroshiya kuma ta koma yuro a 2023.

Farashin da ke kan takardar ya haɗa da haraji?

A Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai, abin da mai saye ya gani a kan kanta shi zai biya. A Amurka da Kanada yawanci sai wajen biya ake ɗora harajin, kuma a Amurka yawansa ya danganta da jiha, har da gari, wasu jihohin kuma ba sa ɗora shi a kan kayan abinci. A Japan takarda na iya ɗaukar lambobi biyu: mai 税込 ta haɗa da haraji, mai 税抜 ba ta haɗa ba.

Tunda ana maganar abin da ke ɓoye a takarda, a Sin idan ka ga 8折 ba ragin kashi 8 ko 80 ba ne. Kashi 80 na farashin za ka biya, wato ragin kashi 20 ne.

A girki, oz nawa ne a giram?

Ya danganta da ko akwai fl a gabansa. Oz shi kaɗai oza ce ta nauyi, giram 28.35, kuma goma sha shida ke yin laba ɗaya. Fl oz awon cika ne, mililita 29.6 a Amurka, 28.4 a Birtaniya. Da ruwa ko madara bambancin oz da fl oz bai taka kara ya karya ba, tunda mililita ɗaya ta ruwa giram ɗaya ce. Da sauran kaya kuwa tazarar babba ce. Kwalbar zuma mai nauyin oza 12 kofi ɗaya kawai take cikawa, wato fl oz 8, saboda zuma ta fi ruwa nauyi. Fulawa kuma akasin haka: oza 8 ta fulawa giram 227 ce, amma idan ka zuba ta a kofin awo har layin 8, abin da za ka samu bai fi giram 125 ba.

Masu rubuta girki sukan yi ganganci su bar fl ɗin. Idan kayan na ruwa ne, ka ɗauka cika ake nufi. Idan busasshe ne ko dunƙule, kamar nama ko cuku, nauyi ne.

To kofi ɗaya giram nawa ne?

Wannan tambayar ba ta da amsa ɗaya, kuma ita ta fi ɓata wa mutane girki. Kofi awon cika ne, giram kuma awon nauyi, sai ka san abin da aka zuba a kofin kafin ka haɗa su. Da kofin Amurka, ruwa giram 237 ne, sukari wajen 200, bota 227, zuma wajen 340, fulawa kuma tsakanin 120 da 125.

Ita fulawar ma sai da sharaɗi. Wancan nauyin na wanda ya ɗebo ta da cokali yana zubawa a kofin a hankali, sannan ya share saman da bayan wuƙa. Wanda ya cusa kofin cikin buhu ya ɗebo ya danne ta, zai iya samun giram 140 ko 150 a kofin nan dai. Shi ya sa teburorin juya awo ba sa yarda da juna a kan fulawa, kuma ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Idan littafin ya faɗi yadda marubucin ke auna tasa, yawanci a shafukan farko, bi nasa. Idan bai faɗa ba, fara da 125, ka riƙe kaɗan a gefe don gyara kwaɓin.

Sannan kofin kansa ba ɗaya ba ne. Na Amurka mililita 237 ne, ko da yake a bayanin sinadaran jikin kwali 240 suke lissafawa. Na Ostireliya da Niyu Zilan 250. Na Japan 200. Ɗan kofin da ke zuwa da tukunyar dafa shinkafa ta lantarki kuwa 180 ne. Kofin shan shayi na gida ba ya cikin lissafi sai ka auna shi: ɗora shi a sikeli, mayar da sikelin sifili, cika shi da ruwa, giram ɗin da ya nuna shi ne mililitarsa.

A yi mana misali da girki cikakke.

Ga abin da ke cikin hoton wani girkin kek, yadda aka rubuta shi:

```
2 cups flour
1 ½ cups sugar
1 stick butter
8 fl oz milk
2 t baking powder
350°F
```

Kalmar stick da alamar °F sun nuna na Amurka ne, don haka kofin mai 237 ne. Fulawa kofi biyu giram 250 ke nan. Sukari kofi ɗaya da rabi giram 300. Bota a Amurka sanda-sanda ake sayar da ita, kowace sanda giram 113, daidai da rabin kofi. Madara mililita 237, ka zuba 240 ba abin da zai faru. Ƙaramin t ƙaramin cokali ne, don haka garin sa kumburi mililita 10. Zafin kuma 180 a ma'aunin Salsiyas.

Yanzu dubi abin da zai faru idan aka ɗauki kofi a matsayin giram 237 ga komai. Sukarin zai ƙaru kaɗan, zuwa 355, kek ɗin ya ƙara zaƙi. Fulawar kuwa za ta tashi daga 250 zuwa 474, kusan ninki biyu. Tun a kwano za ka gane: kwaɓin da ya kamata ya zubo daga cokali a hankali zai dunƙule ya kama muciya, ya ƙi bajewa a gwangwanin gashi. Idan aka gasa shi a haka zai fito busasshe mai nauyi, samansa a tsattsage. Wanda ya lura tun a kwano yana da mafita, ya ninka sauran kayan su kamo fulawar, ya yi kek biyu.

Babban T da ƙaramin t duk ɗaya ne?

A'a. T ko tbsp babban cokali ne, mililita 15. Ƙaramin t ko tsp ƙaramin cokali ne, mililita 5. Uku na ƙaramin ke yin babba ɗaya. A rubutun hannu ko hoton da bai fito sosai ba suna kama da juna, kuma kayan da ake aunawa da cokali su ne masu ƙarfi: gishiri, yis, garin sa kumburi. Idan garin kumburin ya ninka uku, kek zai tashi da sauri ya rufta a tsakiya, ga ɗaci a baki. Abin da za ka riƙe shi ne, kofin fulawa ɗaya ƙaramin cokali ɗaya ko ɗaya da ɗan ƙari na garin kumburi yake ɗauka. Idan karatunka ya ba da abin da ya zarce haka sosai, sake duban hoton.

Babban cokalin Ostireliya mililita 20 ne. A girkin Jamusanci EL babba ne, TL ƙarami. Kuma duk a shafe ake nufi, ba a tule ba, sai in an faɗa.

Yaya ake juya zafin tanda?

```
C = (F - 32) × 5 ÷ 9
```

350 ya ba da 177, ana ɗaukarsa 180 ko 175. Haka kuma 375 ana ɗaukarsa 190, 400 ana ɗaukarsa 200, 425 kuma 220. Dabarar nan ta cire 30 a raba biyu tana aiki ga zafin gari, amma a tanda tana kaucewa: za ta ba ka 160 a wurin 177. Girkin Birtaniya kan rubuta Gas Mark, lamba 4 ita ce 180, lamba 6 kuma 200. Idan tandarka mai fanka ce, rage wajen 20 daga abin da aka rubuta wa tanda marar fanka.

Idan girki ya ce a rage zafi da 25°F, wannan tazara ce, ba a cire mata 32. Ninka da 5 ka raba da 9 kawai, ka rage wajen 14.

Wayata tana kwafo rubutu daga hoto. In dogara da ita?

Tana rage wahalar bugawa, amma ka gwada abin da ta kwafo da hoton layi-layi. Gutsuren lamba ta fi ci: 1 ½ kan dawo 112 ko 11/2, ¼ da ¾ kuma sukan musanya. Ɗigo da waƙafi suna ɓacewa idan haske ya daki leda, haka ma ƙananan lambobin canji da kantuna ke ɗagawa sama, inda 3 da ƙaramin 99 ke komawa 399. A takardar Larabci, ٥ biyar ce duk da ta yi kama da sifili, ٦ shida ce ba bakwai ba, sifilin kuma ɗigo ne da ƙura ma kan iya kwaikwayonsa. Ɗauki hoton kai tsaye daga sama, ba a karkace ba, kuma ba tare da filasha ba idan takardar mai sheƙi ce.

Sai na bi lambar daidai-wa-daida, ko zan iya cike ta?

A miya da dafuwa cike ta hankali kwance: laba ɗaya ta nama ka ɗauka giram 450, ko rabin kilo ma ba laifi. A gashi ka tsaya kusa da lambar, giram biyar sama ko ƙasa a fulawa da sukari ba komai. Abin da ba a yi shi ne cike wani kaya sama, wani kuma ƙasa, domin daidaiton da ke tsakaninsu shi ne girkin.

Manyan awon ruwa kuwa sai an koma ga ƙasar kafin a cike komai. Pint na Amurka mililita 473 ne, na Birtaniya 568. Galan na Amurka lita 3.79 ne, na Birtaniya 4.55. Girkin da ya nemi pint biyu na romo, idan na Birtaniya ne ka auna da na Amurka, ruwanka ya gaza da mililita 190.